Maki Uku: Abin da Maimaita Kwas ɗin Tsarin Sauti Ya Nuna Mini

A duk shekarar da na koyar da Tsarin Sautin Hausa ga 'yan aji biyu, nakan tarar da wasu 'yan aji uku zaune a layin baya, waɗanda suka faɗi kwas ɗin bara suka dawo maimaitawa. Su ne ɗalibai ke kira masu kari-oba. Kusan dukkansu da niyya guda suke dawowa, wato su yi abin da suka yi bara, amma su ninka shi. Wanda ya karanta takardun darasi sau biyu zai karanta sau biyar, wanda ya kwana ɗaya a aji yana hadda zai kwana uku. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta ginu ne a kan zaton cewa ƙarancin ƙoƙari ne ya kayar da su. Abin da na gani a tsawon koyarwata shi ne, a wannan kwas musamman, ƙoƙari ba kasafai yake zama matsalar ba. Ɗalibi yakan faɗi ne saboda wani kuskure guda mai tsari da yake maimaitawa ba tare da ya sani ba, kuma ƙara ƙoƙari a kan wannan kuskure ƙara masa gindin zama ne. Ina so in bi labarin ɗalibi ɗaya daki-daki, domin a gani a aikace.

Ya zo ofishina a makon farko na zangon karatu, ya gaishe ni, ya ce, "Malam, maki uku ne fa kawai suka hana ni. Bana in sha Allahu zan dage." Gaskiya ya faɗa game da lissafin. Ya sami 12 cikin 30 a gwaje-gwajen cikin zango, da 25 cikin 70 a jarrabawa, jimla 37, alhali makin tsira 40 ne. Amma wannan kusanci shi ne babban tarkon. Wanda ya sami 15 ya san akwai abin da ya lalace daga tushe. Wanda ya sami 37 kuwa yana ganin hanyarsa daidai take, taku kaɗan ne ya rage. Sai na buɗe kundin da nake rubuta makin kowace tambaya daban, muka duba yadda 25 ɗin nan ta taru. A tambayar da ta nemi ma'anar kalmomin fannu, irin su ƙwayar sauti da naso da gaɓa, ya sami 13 cikin 20. A tambayar da aka ba shi kalmomi ya fitar da doka daga cikinsu, ya sami 4 cikin 20. A tambayar dole, wadda aka ba da kalmomi talatin a sa musu alamar tsawon wasali da karin sauti, ya sami 8 cikin 30. Da wannan rabe-rabe kaɗai magana ta sauya. Inda ake buƙatar hadda ya wuce rabi, inda ake buƙatar kunne da nazari ya rushe. Idan ya ninka hadda, abin da zai ƙaru bai wuce maki uku ko huɗu a tambayar da dama ya iya ba, sauran maki hamsin kuma suna nan yadda suke.

Sanin tambayar da ta kayar da mutum mataki ne na farko kawai. Lamba ba ta faɗin irin kuskuren da aka yi. Don haka na ba shi kalmomi talatin ɗin nan na bara, na ce ya sake sa musu alama a gabana, ba tare da ya buɗe komai ba. Da farko ya ɗan noƙe, yana cewa bai shirya ba. Na ce masa rashin shirin shi ne abin da nake so, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tsarin da muke bi a aji, ana ninka wasali don nuna tsawo, ana barin karin sama ba alama, ana sa wa karin ƙasa alama kamar a à, karin faɗau kuma kamar a â. Da ya gama, kalmomi ashirin da biyu ba su yi daidai ba, kamar bara. Maimakon in gyara masa, sai muka jera su a takarda biyu, waɗanda ya ci a dama, waɗanda ya faɗi a hagu, na ce ya dube su ya gaya mini abin da ya haɗa kowane rukuni.

A dama akwai gàrii na mazaunin jama'a, da wùyaa ta wahala, da kuukaa na hawaye, da kiifii, da kàree, da màcè. A hagu akwai gàarii na tuwo, wanda ya rubuta gaarii. Da wuyàa na jiki, wanda ya rubuta wùyaa. Da kuukàa ta miya, wadda ya rubuta kuukaa. Da gidaa, wanda ya rubuta gìdaa. Da yaaròo, wanda ya rubuta yaaroo. Abu na farko da ya fito fili shi ne tsawon wasalinsa kusan duk daidai ne. Abu na biyu shi ne duk gaɓa mai nauyi ya ba ta karin sama, duk gaɓa marar nauyi ya ba ta karin ƙasa. Cikin kalmomi ashirin da biyu da ya faɗi, goma sha tara sun bi wannan ƙa'ida tasa sak, har da masu karin faɗau irin su yâaraa, waɗanda ya mayar sama domin gaɓarsu mai nauyi ce. Uku ne kawai za a iya kira tuntuɓen alƙalami. Har kalmomi takwas da ya ci ma, ba jin karinsu ya yi ba. Dace aka yi, ƙa'idarsa ta zo daidai da yadda kalmomin suke. A taƙaice, shekara guda ya yi yana sa alamar abu ɗaya sau biyu, yana zaton abu biyu yake aunawa.

Wannan kuskure ba na wauta ba ne, kuma yana da asali. Ɗalibin nan Bahaushe ne, a bakinsa bai taɓa rikita wuyan riga da wuyar aiki ba. Amma daidaitaccen rubutun boko da ya tashi da shi tun firamare ba ya nuna tsawo, ba ya nuna kari, don haka babu ranar da aka taɓa tilasta masa ya tsaya ya saurari abin da muryarsa ke yi. Da na tambaye shi karatunsa na farko, sai ya ce ya yi makarantar allo, daga baya ya yi tajwidi. A can an horar da kunnensa sosai a kan ja da rashin ja, domin Larabci yana bambanta dogon wasali da gajere. Amma Larabci ba ya bambanta kalmomi da karin sauti. Saboda haka ya zo jami'a da ma'auni guda mai kaifi, aka ce masa akwai abu biyu da za a auna, shi kuwa ya auna duka biyun da ma'aunin da yake da shi. Ya gaya mini cewa a ransa, in an ce karin sama, abin da yake ji shi ne wurin da murya ta fi cika baki. Da ya ga abin yana ba shi wuya bara, sai ya koma ga abin da ya taɓa fid da shi a wasu kwasa-kwasan, ya haddace misalan da ke cikin takardun darasi da alamominsu, kamar mai haddace hoto. Jarrabawa kuwa ta zo da kalmomin da ba su cikin takardun.

Tambayar fitar da doka ma daga wannan rijiya ta sha. Ya haddace cewa ganɗantawa ita ce sauyawar wasu baƙaƙe a gaban wasalin i ko e, ya haddace gida da gidaje, ƙasa da ƙasashe. A jarrabawa aka ba shi sata da saci, ciza da ciji, fansa da fanshi, bawa da bayi, aka ce ya nuna baƙin da ya sauya, da abin da ya koma, da muhallin da ya jawo sauyin. Sai ya sake rubuta ma'anar ganɗantawa da misalansa biyu, bai taɓa kalmomin da ke gabansa ba. Ya san sunan abin, bai taɓa yin aikin da hannunsa ba.

Da aka gano ciwon, maganin bai buƙaci ƙarin sa'o'i ba. Abin da muka fara yi shi ne ajiye takardun darasi gefe har tsawon mako uku, muka raba aikin sa alama gida uku, kowanne da zagayensa. A zagaye na farko zai yanka kalma gaɓa-gaɓa, ya tabbatar kowace gaɓa ta faɗa cikin ɗaya daga sigogin nan uku, BW ko BWW ko BWB. A zagaye na biyu zai sa tsawo kaɗai, ya manta da kari. A zagaye na uku zai rufe abin da ya rubuta da hannu, ya nemi kari kaɗai. Dalilin rufewar shi ne idonsa ya riga ya saba, da ya ga wasali biyu sai ya yanke hukuncin sama kafin kunne ya ce komai. Don ya tabbatar wa kansa cewa abubuwan biyu ba su ɗaure da juna, na ba shi zubin kamantau iri biyu. A iri na farko kari ɗaya ne, tsawo ne ya bambanta: gàrii da gàarii, dafàa na girki da daafàa na ɗora hannu. A iri na biyu tsawo ɗaya ne, kari ne ya bambanta: gòoraa ta ruwa da gooràa ta sanda, fàaraa ta ci da faaràa na soma aiki, bàaba na uba da baabà ta uwa. Duk wanda ya furta gòoraa da gooràa a jere, ya ga wasula huɗu duk dogaye amma murya tana hawa a ɗaya tana sauka a ɗaya, ba zai ƙara cewa tsawo shi ne sama ba.

Abu na biyu shi ne koya wa kunne ya ji kari tsirara. Na ce ya rufe baki ya fitar da kalmar ta hanci, ba baƙi ba wasali, amo kawai, ko ya yi ta da fito in ba ya ƙyamar fito. Abin da makaɗin kalangu ke yi ke nan sa'ad da yake matsa tsarkiya yana saki har mai sauraro ya gane kirarin da ake kaɗawa. Sannan muka zaɓi kalmomi huɗu da ba ya shakkar karinsu, suka zama ma'auninsa: kiifii don sama-sama, yaaròo don sama-ƙasa, jàakii don ƙasa-sama, màcè don ƙasa-ƙasa. Duk sabuwar kalma mai gaɓa biyu, zai yi amonta, ya yi amon huɗun nan, ya ga da wacce ta yi tafiya ɗaya. Da gangan na sa uku daga cikinsu suka zama masu dogayen wasula gaba da baya, domin kada tsawo ya sake ba shi satar amsa. A kwanakin farko yakan yi amon kalma daidai amma ya kasa faɗin ko hawa ta yi ko sauka, sai na ce ya riƙa bin muryar da hannu, yana ɗagawa yana saukewa. Bayan kwana goma hannun ya daina zama dole.

Abu na uku shi ne ba shi hanyar da zai binciki amsarsa da kansa, domin a ɗakin jarrabawa babu malami babu ƙamus. A nan harshen da kansa ya tanadi ma'auni. Karin nee da cee kullum kishiyar karin da ya gabace su ne. Muna cewa gidaa nèe amma yaaròo nee, rìigaa cèe amma mootàa cee. Saboda haka in yana shakkar gaɓar ƙarshe ta suna, sai ya liƙa mata ne ko ce. In murya ta sauka a kansu, gaɓar sama ce, in ta hau, gaɓar ƙasa ce. Wannan gwaji ya warware masa karin faɗau ma, domin muna cewa mâi nee, da nee a sama, abin da ke nuna cewa faɗau sama ne da ƙasa a cikin gaɓa guda, kuma da ƙasa yake ƙarewa. Daga nan ya fahimci dalilin da ya sa faɗau ba ya zama sai a gaɓa mai nauyi, maimakon ya haddace hakan a matsayin jimla. Liƙa ne ko ce yana kuma fito da tsawon wasalin ƙarshe, wanda yake da wuyar ji in kalma ta tsaya ita kaɗai. Da shi ya ji bambancin bàaƙoo da ya zo gida da Bàaƙo sunan mutum, da na doogoo da Doogo. Sai bayan ya yanke hukunci da kunnensa ne na yarda ya buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, ko na Bargery na 1934, ya duba. Bara ƙamus da takardun darasi su ne mafarin aikinsa, bana sun koma wurin da ake zuwa a ƙarshe don tabbatarwa. Na kuma gargaɗe shi cewa kowane ƙamus da tsarin alamominsa, ya karanta bayanin gabatarwa kafin ya ce an saɓa masa.

Tsarin aikinsa na kullum bai kai na bara nauyi ba. Kalmomi goma a rana, daga jarida ko daga hirar da ya ji a mota, minti ashirin zuwa talatin. Ya buɗe ɗan littafi, duk kalmar da ya faɗi zai rubuta ta tare da irin kuskuren, ko na tsawo, ko na kari, ko na yankan gaɓa. Ran Alhamis yakan kawo mini littafin, ba don in gyara ba, sai don mu ga wane iri ne ke raguwa, wane ne ya ƙi. Ya kuma sami abokin karatu cikin 'yan aji biyu, ɗaya ya yi amon kalma daga jerin da suka shirya, ɗaya ya faɗi wacce ce. Ga ganɗantawa da naso kuwa, na hana shi rubuta ma'ana sai ya fara kawo sababbin misalai biyar nasa na kansa, da kuma kalma ɗaya da ta ƙi bin dokar. Ranar da ya zo mini da tebur da asibiti, yana tambaya me ya sa t ɗinsu bai koma c ba, na san ya fara kallon doka a matsayin abin da ake gwadawa, har ya kai ga gano cewa kalmomin aro sukan kauce mata.

Gwajin farko na zango ya zo a mako na shida, kuma ya nuna cewa bincike ba abu ne da ake yi sau ɗaya a rufe ba. A kalmomi ɗaiɗai ya ci goma sha bakwai cikin ashirin. Amma a jimloli ya sake faɗuwa, da wani sabon kuskure mai tsari. A jimlar Audù yaa tàfi gidaa, ya sa wa farkonta alama daidai, ya mayar da gidaa ƙasa-ƙasa. Wannan karon kunnensa ne ya ji gaskiya, fassarar ce ta kuskure. A jimlar Hausa ta bayani, duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko ƙasa da saman da ya gabata, don haka murya tana gangarowa mataki-mataki har ƙarshe. Saman gidaa a ƙarshen jimla ya fi saman Au na farkonta ƙasa nesa ba kusa ba, amma sama ne duk da haka. Shi kuwa yana auna kowace gaɓa da farkon jimla. Gyaran shi ne ya riƙa auna gaɓa da maƙwabciyarta ta kusa, in kuma ya yi shakka ya ciro kalmar daga jimla ya gwada ta da kalmominsa huɗu. Da a ce bai riƙe littafin kurakurai ba, da abin da zai gani shi ne maki ya sake yin ƙasa, ya ce sabuwar hanyar ma ba ta aiki, ya koma hadda.

Daga tsakiyar zango na mayar da shi ga karatun littafi, domin yanzu karatun yana da inda zai sauka. A nan ya gano cewa yawancin abin da ya yi ta haddacewa ɗaya-ɗaya bara yana tafiya ne rukuni-rukuni. Jam'in da ke ƙarewa da -unàa yana da sama har zuwa gaɓar ƙarshe, wadda take ƙasa, kamar riigunàa da huulunàa, duk da cewa tilonsu rìigaa da hùulaa da ƙasa suka fara. Jam'i irin na mootoocii da taagoogii sama ne gaba ɗaya. Jam'i irin na màalàmai da ɗàalìbai ƙasa ne har zuwa gaɓar ƙarshe, wadda take sama. Haka giredin aikatau da Parsons ya tsara a 1960, kowanne da karinsa da wasalinsa na ƙarshe, sàyaa a giredi na biyu, sayoo a na shida, sàyu a na bakwai. Abin da ya fi burge shi shi ne jimloli huɗu da rubutun yau da kullum ke rubutawa iri ɗaya, ya tafi: yaa tàfi na shuɗaɗɗen lokaci, da ya tàfi na cikin zancen wanda ya tafi, da yà tàfi na umurni ko fata, da yâa tàfi na abin da ake sa ran zai faru. Ya ce mini, "Malam, ashe nahawun ma a kan wannan yake zaune." Wanda zai iya bin bayanin littafin Mu'azu Sani Zariya na tsarin sauti da nahawu, ko manyan littattafan nahawu na Newman da Jaggar, shi ne wanda yake jin abin da alamomin ke nufi. Ga wanda ba ya ji, ado ne a kan haruffa.

Ya gama zangon da 21 a gwaje-gwaje da 41 a jarrabawa, jimla 62. Ba zan ce komai ya gyaru ba. A tsarin da muke bi faɗuwar farko ba ta gogewa daga lissafi. Kwas ne mai nauyi biyu, makin bana ya ba shi daraja huɗu, wato takwas, amma za a raba takwas ɗin ne da nauyi huɗu na zama biyu, sakamakon ya koma biyu. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ce dalilin da ya sa zama na biyu bai kamata a yi shi da caca ba, domin zama na uku yana iya jawo ƙarin shekara, da kuɗin makaranta, da jinkirin bautar ƙasa. Ribar da ba ta fito a takardar sakamako ba ita ce kwasa-kwasan gaba. Ƙirar kalma tana buƙatar kari, nazarin karin waƙa kuma gaba ɗayansa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake. Da ya tsallake da 40 ta hanyar ƙarin hadda, da ya ɗauki kuskurensa ya shiga da shi aji huɗu, wataƙila har ya tsaya gaban allo wata rana yana koyar da shi.

Ba kowane mai maimaitawa ne ciwonsa irin wannan ba, kuma nan ne hatsarin mayar da labari ɗaya ƙa'ida. A shekarar nan akwai wata ɗaliba da ta faɗi da 38. Da muka duba, duk makin nan daga jarrabawa ya fito, ba ta da ko ɗaya a gwaje-gwaje, domin rashin lafiya ya hana ta zama a lokacinsu. Hanyar karatunta lafiya lau take, kuma da na ɗora mata atisayen amo da littafin kurakurai, da na ɓata mata lokaci. Abin da take buƙata shi ne ta duba jadawali tun makon farko, domin darasin aji biyu yakan ci karo da na aji uku, ta san ranakun gwaji, ta sanar da malaman biyu da wuri. Akwai kuma wanda ya san aikin amma ya ƙarar da rabin lokacin jarrabawa a tambaya mai maki ashirin, ya bar mai talatin. Nasa maganin shi ne amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ne kuwa, gwajin amo ba zai yi masa aiki yadda ya yi wa wannan ba, domin gwajin ya dogara ne da cewa bakin mai yin sa yana furta kalmar daidai tun asali. Shi sai ya fara da sauraron masu harshen. Duka waɗannan a allon sanarwa harafi ɗaya ne ke gaban lambarsu, amma hanyoyi huɗu ne suka kai su can.

Abin da ya sa binciken ɗalibin nan ya yiwu ƙaramin abu ne, wato makin kowace tambaya yana rubuce daban, kuma an sami wanda zai zauna da shi rabin sa'a a jera kurakuransa gefe da gefe. Ɗalibi ba ya ganin takardar jarrabawarsa bayan ya miƙa ta, abin da ke isa gare shi jimla ce kawai, kuma daga jimla babu abin da zai iya karantawa sai cewa bai yi ƙoƙari ba. Shi ya sa a makon farko na kowane zango nake ware zama ɗaya na masu maimaitawa kaɗai. Kowa zai ga rabe-raben makinsa, ya sake amsa tambayar da ta fi kayar da shi ba tare da shiri ba, sannan ya rubuta da hannunsa, a jimla ɗaya, irin kuskuren da yake yi. Wanda ya rubuta "ban dage ba" nakan mayar masa da takardar, domin wannan ba ta gaya masa abin da zai yi gobe da safe ba. Wanda ya rubuta "ina ba kowace doguwar gaɓa karin sama" ya riga ya san kalmomi goman da zai fara da su.